Laifin Kamfani ko Laifin Bango: Yadda Kebul Ɗaya Ke Raba Gardamar Intanet

Ƙarfe tara da rabi na safe ne a wani shagon buga takardu da cike fom da ke wani bene a Kano. Ɗalibai sun yi cirko-cirko a matakala, kowa da fayil a hannu. Yarinyar da ke zaune gaban kwamfuta a hawa na sama ta danna maɓallin aika hoton wani ɗalibi, 'yar da'irar nan ta kama juyawa, ta juya, ta juya, har shayin mai shago ya huce.

Mai shagon yayana ne. Na same shi waya a kunne, karo na uku ke nan a mako guda yana sauke wa kamfanin da ya ja masa layin faiba kwandon faɗa. Kuɗin megabit 50 yake biya duk wata, ga shi hoto ɗaya ya gagara tafiya. Wanda ke ɗaya ɓangaren ya ce masa a wajensu layin lafiya lau yake, ya kashe rauta ya kunna. Yaya ya ce ya kashe ya kunna har ya gaji, ya ajiye waya yana cewa wannan watan ne na ƙarshe.

Irin wannan gardama ta zama ruwan dare. A gidaje, a ofisoshi, a makarantu masu zaman kansu, kalma ɗaya ake ji: babu netwok. Mai saye yana ganin an cuce shi, kamfani yana ganin ana ɗora masa laifin da ba nasa ba, kuma kowanne na iya zama mai gaskiya. Abin da ya raba gardamar Yaya da kamfaninsa a ranar bai wuce kebul mai tsawon mita biyu ba, wanda ke kwance cikin kwalin rautar tun ranar da aka kawo ta, ko ledarsa ba a ɓare ba.

Tafiya ce mai zango biyu

Mutane da yawa sun ɗauka waifai da intanet abu ɗaya ne, don haka idan suka ga alamar waifai ta cika a waya sai su ce ai netwok ya cika. Ba haka abin yake ba.

Duk saƙon da ya bar wayarka yana yin zango biyu. Zangon farko daga wayar zuwa rauta, ta cikin iska, a matsayin igiyar rediyo. Wannan shi ne waifai, kuma iyakarsa bangon gidanka ko na maƙwabci. Zango na biyu daga rauta zuwa kamfanin da ka saya wa data, daga nan zuwa sauran duniya. Wannan shi ne layin intanet, ko ta faiba ya zo, ko ta turken sadarwa, ko ta tauraron ɗan adam.

Sandunan waifai da kake gani labarin zangon farko kawai suke ba ka. Wanda ya manta, ya tuna ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka samu matsala a gabar Afirka ta Yamma. A ranar sandunan waifai a cike suke fal a gidajen mutane, amma bankuna da ofisoshi sun sha wuya. Rauta na magana da waya lafiya, sai dai ba ta da abin da za ta ba ta.

Haka kuma akasin hakan yana faruwa, kuma a ganina ya fi yawa a manyan gidaje. Layin kamfani yana kawo kaya har ƙofa, amma kafin kayan su ratsa bango uku su isa ɗakin uwargida sun tsiyaye. Kamar ruwan famfo ne: ana iya samun ƙarancinsa daga babban bututu, ana kuma iya samun tiyon da ke cikin gida ne ya lanƙwashe. Mai son sanin gaskiya sai ya cire tiyo ya tara bokiti a bakin famfo. Aikin da kebul ke yi ke nan, yana tsallake zangon iska gaba ɗaya, ya bar ka da layin kamfani tsirararsa.

Yadda muka auna

Mun ɗauko laftof ɗin shagon. Kafin mu taɓa komai, muka fara aunawa a inda matsalar take, wato teburin yarinyar a sama, ta waifai. Akwai shafuka na kyauta da ake awo da su, irin su fast.com da speedtest.net. Kowanne ka zaɓa ka tsaya a kansa har ƙarshe, domin awon wannan da na wancan ba sa zuwa daidai. Sau uku muka gwada, ya ba mu tsakanin 5 da 6. Lambar da ke gefenta an rubuta Mbps, ita ce megabit a daƙiƙa.

Daga nan muka sauko ƙasa inda rautar take. A bayanta akwai ramuka a jere. Waɗanda aka rubuta wa LAN su ne na kwamfuta. Wanda aka rubuta wa WAN ko Internet, sau da yawa launinsa daban, na layin da ke shigowa ne, ba a taɓa shi. Muka soka kebul a ramin LAN, ɗaya bakin a laftof, har ya yi ƙas, 'yar fitilar ramin ta kama ƙiftawa.

A nan ne mutane da dama ke yin kuskure. Sai su soka kebul su bar waifai a kunne, ba su da tabbacin ta wace hanya kwamfutar ke bi. Muka kashe waifai ɗin laftof ɗungurungum. Muka kuma roƙi ma'aikata da ɗaliban da suka san lambar sirrin shagon su sauka na minti biyar, domin layi ɗaya kowa ke sha, idan wani na kallon fim a matakala awon zai nuna abin da ya rage ne kawai. Mai amfani da VPN ma ya kashe shi.

Sau uku kuma: 47, 46, 48.

Yaya ya yi shiru. Layin da yake biya megabit 50 yana kawo kusan duka, ɗan abin da ya ragu na ɗawainiyar hanya ne, ba wanda ke samun cikakkiyar lambar cif-cif. Kamfanin da ya kira sau uku yana zagi ba shi da laifi.

Sai awo na uku, wanda shi ne ke nuna inda gizo ke saƙar. Muka zare kebul, muka kunna waifai, muna tsaye taku biyu daga rautar. Ya ba mu wajen 44. Ke nan rediyon rautar lafiyarsa ƙalau, abin da ke cinye ƙarfin yana tsakanin ƙasa da sama ne. Da a ce a nan kusa ma 6 muka samu, da sai mu zargi rautar kanta, ko saitinta, ko tsufan na'urar waifai da ke cikin laftof ɗin.

Kabad ɗin ƙarfe da dekin

Ba mu sha wahalar gano ɓarawon ba. Saboda ƙura da kuma masu ɗan hali, Yaya ya kulle rautar cikin kabad ɗin ƙarfe a ƙarƙashin matakala, sai da muka buɗe shi kafin mu soka kebul. Ƙarfe kuwa babban abokin gabar igiyar rediyo ne, yana tare ta yana mayar da ita. Sama da kabad ɗin kuma dekin ne na kankare, cike da rodi. Saƙo ya fito daga akwatin ƙarfe, ya ratsa ragar ƙarfe, sannan a ce ya kai hoton ɗalibi Abuja.

Ginin da muke yi ba ya tausaya wa waifai. Lambobin nisan da ake rubutawa a kwalin rauta a fili ake samunsu, ko a gidajen da ake raba ɗakuna da katako da allo. Mu kuwa bulo ne da siminti, ga ƙofofin ƙarfe, ga tagogi masu rodi, ga tankin ruwa. Gidan ƙasa mai kaurin bango ma ba baya ba. Ruwa yana shanye wannan igiya, shi ya sa ɗakin da ya cika da jama'a waifai ɗinsa ke raunana, tunda jikin ɗan Adam galibinsa ruwa ne.

Akwai kuma batun mita. Yawancin rautocin yanzu suna watsawa a kan mita biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Ta farko tana zuwa nesa, tana daure wa bango, amma cunkoso ya yi mata yawa. Tashoshi uku ne kacal a cikinta da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma a kanta ne bulutut da na'urar ɗumama abinci ke shawagi. A benen Yaya, da muka buɗe jerin sunayen waifai, mun ƙirga fiye da goma na maƙwabta. Ta biyun ta fi sauri, ta fi sarari, sai dai bango biyu sun isa su karya ta.

A kula, 5 GHz ta waifai daban take da 5G ta kamfanonin waya. Wasu rautoci suna liƙa 5G a ƙarshen sunan waifai ɗinsu, sai mutum ya ɗauka ya hau sabon netwok alhali yana nan inda yake.

Maganin da aka yi bai kai kuɗin data na wata ɗaya ba. Aka fito da rautar daga kabad aka kafa ta a bango, sama da kai. Aka ja kebul mai tsawon mita 20 ta gefen matakala zuwa kwamfutar sama, tunda ita ba yawo take yi ba. Kebul irin wannan yana kai mita 100 ba tare da ya rage gudu ba.

Wani ya ba da shawarar a sayi na'urar ƙara zango, wadda ake sokawa a soket ta kama waifai ta sake watsawa. Ban goyi baya ba. Abin da ta kama shi take maimaitawa, idan ta kama rarrauna rarrauna za ta bayar, kuma mai rediyo ɗaya takan raba gudun kusan biyu domin ita ke saurare ita ke magana. Sandunan waya za su cika, ran mai gida ya yi fari, aiki kuwa yana nan jiya i yau.

Idan kebul ma ya ja ƙafa

A gidana labarin ya sha bamban. Rauta ce mai sim, ta 4G, irin wadda ta fi yawa a Arewa tunda faiba ba ta kai yawancin unguwanni ba. Bayan sallar isha'i ko saƙon murya da ƙyar yake fita. Na yi awon nan da kebul wajen ƙarfe tara na dare, na samu megabit 3. Ta waifai ma 3. Da lambobin biyu suka zo ɗaya, kuma dukansu ƙasa, na san ba ruwan bangona.

Na sake gwadawa bayan asuba, kebul ɗaya, wuri ɗaya, ya ba ni wajen 25. Babu abin da ya canja a gidan. Abin da ya canja shi ne yawan mutanen unguwa da ke kan turken sadarwa ɗaya, domin ƙarfinsa rabawa ake yi tsakanin duk wanda ke kai. Da dare kowa ya dawo gida, kowa ya kama bidiyo.

Ga wani abin lura ga masu rauta mai sim. Zangonsu na biyu ma iska ne, daga rauta zuwa turke. Kebul ya cire waifai daga lissafi, amma bai cire bangon da ke tsakanin rautar da turken ba. Saboda haka kafin a yanke wa kamfani hukunci, a ɗauki rautar a kai ta bakin taga, ko sama, a sake awo da kebul. Idan lambar ta tashi, wurin ajiya ne. Idan ta ƙi tashi da dare amma ta tashi da asuba, cunkoso ne, kuma babu sabuwar rautar da za ta magance shi, sai dai a gwada sim ɗin wani kamfani. Idan kuwa dare da rana lambar ta tsaya a wuri guda kamar an ɗaure ta, musamman a ƙarshen wata, a duba sharuɗɗan datar. Yawancin tsare-tsaren da ake kira marasa iyaka suna da ƙa'idar rage gudu bayan an sha wani adadi.

Shi ma kebul yana ƙarya

Duk wannan ya dogara ne a kan cewa kebul ɗin mai gaskiya ne, kuma ba kullum ba.

A cikinsa akwai siraran wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu. Gudun megabit 100 huɗu kawai yake buƙata, amma gudun megabit 1,000 sai duka takwas sun yi aiki. Idan ɗaya ta tsinke, ko mai haɗa kan bai matse shi da kyau ba, sau da yawa kwamfuta da rauta sai su koma 100 shiru, ba tare da sun sanar da kowa ba. Haka kuma tsofaffin laftof da rautoci masu araha da yawa raminsu iyakarsa 100 ne tun daga masana'anta.

Alamar tana da sauƙin ganewa. Idan kana biyan megabit 200 amma awon kebul kullum yana tsayawa a 94 ko 95, ba ya gaba ba ya baya, wannan rufin ramin 100 ne. Layin kamfani mai matsala hawa da sauka yake yi, ba ya tsayawa cak a lamba ɗaya irin wannan. A kwamfuta mai Windows, saitin Ethernet yana nuna Link speed, a nan za ka ga 100 ne ko 1000. Jikin kebul ma akwai rubutu, a nemi Cat5e ko Cat6. Ga mai layin megabit 20 ko 50, wannan bai dame shi ba, ramin 100 ya ishe shi awo.

Laftof na zamani da yawa ba su da ramin kebul sam. Ana sayar da 'yar adafta da ake sokawa a USB, sai dai ita ma akwai mai 100 akwai mai 1,000, a duba kwali. Ƙaramar maifai ta aljihu ba ta da ramin LAN, amma galibi idan ka haɗa ta da laftof da wayar caji mai ɗaukar data, ka kashe waifai, ka samu awon da ya yi kusa da wannan. Masu Starlink, wadda ta fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, su duba irin rautarsu, domin ƙirar ta biyu ba ta da ramin sai an sayi adaftarta daban.

Sai rikicin harafi. Kamfani yana sayar da megabit, ana rubuta shi Mbps. Burauza kuwa idan tana sauke fayil megabait take nunawa, MB/s. Bit takwas ke yin bait ɗaya. Mai layin 50 da ya ga fayil na sauka a 6 bai yi asara ba, daidai ke nan. Na ga wanda ya yi fushi har ya canja kamfani a kan wannan lissafi.

Lokacin da gudu ba shi ne matsalar ba

Wani lokaci awo yana nuna lamba mai kyau, amma kiran bidiyo na tsinkewa, murya na karkarwa. A nan ba yawan kaya ake nema ba, jinkiri da zubewar saƙo ake bincike. Akwai umarnin da ke aika ɗan saƙo ya ƙirga lokacin dawowarsa. A Windows, a buɗe Command Prompt, a fara da gano adireshin rauta:

```
ipconfig
```

Lambar da ke gaban Default Gateway ita ce rautarka, sau da yawa 192.168.1.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Sai a aika saƙo 50 gare ta, sannan 50 zuwa waje:

```
ping -n 50 192.168.1.1
ping -n 50 8.8.8.8
```

Layin farko zangon cikin gida yake aunawa. Ta kebul amsa kan dawo cikin kusan 1 ms, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ta waifai mai lafiya, 'yan ƙalilan ne sama da haka. A teburin saman shagon Yaya, kafin gyara, mun ga tana tsalle daga 4 zuwa sama da 300, jefi-jefi kuma ta rubuta Request timed out, alhali saƙon ko ƙofar shago bai fita ba. Idan kuwa na farko ya fito tsaf amma na biyu ne ke zubewa, kuma a kan kebul kake, to matsalar ta wuce ƙofarka.

Saura abu ɗaya da kebul ba ya iya wankewa, wato rautar kanta, tunda ta cikinta yake bi. Rauta mai zafi a watan Afrilu, ko wadda cajarta ta raunana saboda hawa da saukar wuta, tana iya jan ƙafa ta kowace hanya. Idan kashewa da kunnawa na gyara ta na 'yan awanni sannan ta koma, a fara zarginta kafin kamfani.

Kowa da nasa ƙorafin

Masu ja wa mutane layi suna kukan cewa sau da yawa sukan ƙona mai su je gida, su tarar da rauta a bayan talabijin ko a ƙasan gado, ko kuma lambar sirri ta zagaye layin unguwa. Suna cewa alkawarinsu ya ƙare a bayan rauta, abin da ya faru a ɗakuna na mai gida ne.

Masu saye kuma suna da tasu hujjar. Ai su ma'aikatan ne ke kafa rautar a inda wayarsu ta ƙare, ba inda jama'ar gida ke zama ba, kuma ba sa yi wa kowa bayanin bambancin zango biyun nan. Sannan kalmar "har zuwa" da ake maƙalawa a gaban lambar gudu a talla ta zama mafakar wasu kamfanoni, ko nawa suka kawo sai su ce ai ba su yi alkawarin duka ba. Ni dai ina ganin ma'aikacin da ya kafa layi ya tafi bai yi awon kebul a gaban mai gida ba, bai gama aikinsa ba.

Wanda awonsa ya nuna laifin layi ne, kada ya kira da "babu netwok" kawai, za a ce masa ya kashe ya kunna. Ya yi awon kebul safe da rana da dare na kwana uku, ya ɗauki hoton kowane sakamako da lokacinsa, ya faɗa musu cewa ta kebul ne, waifai a kashe, ba kowa a kan layin. Ya karɓi lambar ƙorafi ya adana. Idan kamfanin ya yi biris, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya tana da layin ƙorafi na kyauta, 622, kuma za a tambaye shi lambar ƙorafin da kamfanin ya ba shi.

Yaya dai bai kira kowa ba. Da na koma shagon bayan mako biyu, kwamfutar sama na ba da 47, rautar na bango, kabad ɗin ƙarfen kuma an mayar da shi ma'ajiyar takardu. Mai karatu, kafin ka sabunta data ko ka sayi sabuwar rauta, duba cikin kwalin tsohuwar, akwai yiwuwar kebul ɗin na nan a naɗe.